Taimako: ina son Excel ya riƙa nuna min aikin da ya wuce ranar alkawari

Abban_Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da wani ƙaramin shagon buga takardu a nan Kano, muna yin katin biki, fasta, rasit da kalanda. Tun kafin azumi na daina rubuta ayyuka a littafi, na koma Excel a kwamfutar shago. Layin A sunan aiki, B mai aikin, C yaron da ke yi, D ranar da muka yi alkawarin bayarwa, E matsayin aikin. A layin F na sa wannan fomula da wani ya ba ni:

```
=IF(D2<TODAY(),"YA WUCE","")
```

Na ja ta har jeri na 200. Matsala biyu ta fito. Duk jerin da ban rubuta komai a ciki ba yana cewa YA WUCE, haka ma aikin da muka gama muka bayar tuntuni. Wadda ta fi ci min rai ita ce ta biyu. Akwai katin ɗaurin aure guda 300 da muka yi alkawarin bayarwa ranar Alhamis 10 ga Afrilu, yau Litinin 14, jadawalin bai ce komai a kansa ba. Sai da mai aikin ya zo da kansa da safen nan ransa a ɓace, ɗaurin auren kuma Asabar ne. Wallahi na ji kunya. Ina kuskuren yake?

Sadiq_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ta farkon mai sauƙi ce. Excel yana ɗaukar akwatin da babu komai a matsayin sifili, sifili kuwa bai kai ranar yau ba, shi ya sa yake cewa ya wuce. Kuma ba ka gaya masa ya duba layin E ba, ta ina zai san an gama? Gwada wannan:

```
=IF(AND(D2<>"",D2<TODAY(),E2<>"An gama"),"YA WUCE","")
```

Sharaɗi uku ke nan: akwai rana, ranar ta wuce, kuma ba a gama ba. In sha Allah shi ke nan.

Abban_Walida:
Na gode Malam Sadiq. Na sa, jerin banzan duk sun yi fes. Amma katin auren har yanzu shiru, tare da wani aikin rasit na 28/03/2025 da na san ba mu bayar ba.

Maman_Hanif:
Abban Walida, kafin ka ƙara taɓa fomular, yi min abu ɗaya. Faɗaɗa layin D sosai ka dubi ranakun. Duk sun jingina a gefen dama, ko akwai waɗanda suka maƙale a hagu? Bayan haka ka danna akwatin ranar katin auren, ka canja fasalinsa daga Date zuwa General, ka faɗa min lambar da ta fito.

Abban_Walida:
Hajiya, kamar kina gani. Wasu na dama, wasu na hagu. Na rasit ɗin nan 28/03/2025 yana hagu. Na katin auren yana dama, da na mayar da shi General ya zama 45934.

Maman_Hanif:
To ga ciwon nan, kuma iri biyu ne daga tushe ɗaya.

Excel ba ya ajiye rana yadda muke ganinta. Ƙirga kwanaki yake yi, ya fara da 1 ga Janairu 1900 a matsayin lamba 1. Yau 14 ga Afrilu 2025 a wurinsa 45761 ce. Da ya fahimci ranar katinka daidai, 10 ga Afrilu, da 45757 za ka gani, wadda ta gaza ta yau da kwana huɗu, kuma da fomular ta yi magana. Amma 45934 ka gani, wato 4 ga Oktoba. Kwamfutarka tana kan tsarin Amurka, inda ake fara rubuta wata kafin rana. Kai ka rubuta 10/04/2025 kana nufin goma ga wata na huɗu, ita ta karanta huɗu ga wata na goma. A lissafinta saura kusan wata shida a ba da katin, me zai sa ta ɗaga maka hankali?

Na rasit kuma, da ka rubuta 28/03/2025 ta nemi wata na 28 ta rasa, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai, kamar ka rubuta sunan mutum. Shi ya sa ya tsaya a hagu. Idan aka ce Excel ya gwada rubutu da lamba, kullum rubutu yake ɗauka a matsayin mafi girma. Don haka D2<TODAY() ba za ta taɓa zama gaskiya a wannan jeri ba, ko shekara goma aikin ya yi a ƙasa.

Abin da hakan ke nufi a jadawalinka: duk ranar da ta kama daga 13 ga wata zuwa sama ta zama rubutu, daga 1 zuwa 12 kuma ta juye, in ban da irin su 04/04 da juyawa ba ta canja su. Fomular Sadiq ba ta da laifi a kan abin da ya gyara, sai dai D2<>"" tana tambaya ne ko akwai wani abu a akwatin, ba ta tambayar ko abin rana ce.

Sadiq_Zariya:
Gaskiya ban kawo wannan a raina ba. Tawa kwamfutar tun da na saya take kan United Kingdom, ban taɓa cin karo da shi ba.

Bashir_Gyaran_Kwamfuta:
Yawancin kwamfutocin da ake kawo min haka suke. Mai saka Windows yana ta danna Next, ba ya tsayawa a kan ƙasa. Shiga Control Panel, ka buɗe Region, ka mayar da Format zuwa English (United Kingdom) ko English (Nigeria). Ka rufe Excel ka sake buɗewa. Amma ka sani wannan na ranakun da za ka rubuta nan gaba ne. Waɗanda suka riga suka shiga a juye suna nan a juye.

Ummu_Khairat:
Ni ma abin da nake nema ke nan. Ina da masu karɓar atamfa bashi, in na sa wannan fomular zai riƙa tura musu saƙo a WhatsApp in ranar biya ta wuce?

Sadiq_Zariya:
A'a Ummu Khairat. Fomula ba ta tura saƙo ko'ina, a cikin jadawalin kawai take nunawa, sai kin buɗe kin gani. Amma tsarin zai yi miki aiki, ki sa "An biya" a madadin "An gama".

Abban_Walida:
Malam Bashir na canja, na gode. Hajiya Maman Hanif, yanzu tsofaffin fa? Ayyuka 46 ne a ciki.

Maman_Hanif:
Tunda 46 ne kawai, ni da hannu zan gyara. Ɗauko littafin rasit ɗinku, ka bi ɗaya bayan ɗaya ka sake rubuta ranakun. Minti ashirin ya isa, kuma ka san abin da ka shigar. Akwai hanyar Text to Columns a ƙarƙashin Data, inda ake zaɓar Date sannan DMY, tana mayar da rubutattun su zama ranaku na gaske, amma na fi amfani da ita in jerin sun kai ɗaruruwa.

Kafin ka fara, zaɓi layin D gaba ɗaya, ka shiga Format Cells, Custom, ka rubuta:

```
dd-mmm-yyyy
```

Daga nan ranar za ta riƙa fitowa da sunan wata, 10-Apr-2025. Da haka take tun farko, da ka ga Oct a gaban katin auren ka san akwai magana. Sannan ka sauya fomular layin F da wannan:

```
=IF(A2="","",IF(NOT(ISNUMBER(D2)),"DUBA RANA",IF(AND(D2<TODAY(),E2<>"An gama"),"YA WUCE","")))
```

Karanta ta daga hagu. In babu aiki a layin A, ta yi shiru. In akwai aiki amma abin da ke D ba lamba ba ne, ko rubutu ne ko an manta ba a sa komai ba, ta ce DUBA RANA. Sai an tsallake waɗannan biyun take duba ko ranar ta wuce. Na fi damuwa da tsakiyar nan fiye da YA WUCE ɗin kanta. Aikin da aka nuna maka ya makara ka san da shi. Wanda ba shi da ranar kirki kuwa ba zai taɓa fitowa ba, sai mai shi ya tsaya maka a bakin shago.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Na kwafi ta Malam Sadiq na manna a tawa, ta ƙi karɓa sam. Daga baya na tuna namu Excel na Faransanci ne. Mu waƙafi mai ɗigo muke sawa tsakanin sassan fomula, sunayen ma daban suke. Ga yadda ta yi min aiki, na haɗa da gyaran Hajiya, ko akwai wani daga Nijar da ke bin zancen:

```
=SI(ET(ESTNUM(D2);D2<AUJOURDHUI();E2<>"An gama");"YA WUCE";"")
```

In fayil ɗin aka turo maka gaba ɗaya, Excel da kansa yake juya sunayen. Mannawa ce kawai ke ba da wahala. Matsalar wata kafin rana kuwa ba mu cika samunta ba, tsarin Faransa rana yake farawa da ita.

Injiniya_Kabiru:
Ni shawarata a bar TODAY() a yi amfani da NOW(). Ta fi daidai domin tana tafiya da awa da minti.

Maman_Hanif:
Injiniya, a wannan jadawalin za ta kawo ruɗani. Ranar da aka rubuta ba tare da lokaci ba, Excel yana ɗaukarta ƙarfe 12 na daren da ranar ta fara. NOW() kuma da ƙarfe 8 na safe ta riga ta gota nan. Ka ga aikin da za a bayar yau da la'asar zai fito YA WUCE tun kafin a buɗe shago.

Injiniya_Kabiru:
Na yarda, amma a wurinmu da lokaci muke rubutawa, domin aikin da aka ce ƙarfe 10 na safe in ya kai azahar ya makara. Kuma ni ko a shagon Abban Walida ban ga aibun aikin yau ya yi ja da safe ba. In sai gobe zai yi ja, ai an riga an saɓa alkawari.

Maman_Hanif:
In kuna sa lokaci, NOW() ce daidai gare ku, ba musu. Amma kiran aikin yau "ya wuce" ban yarda da shi ba. A ba shi tasa alamar daban.

Hafsat_Tela:
Ina bayan Injiniya a rabin maganarsa. Ɗinki nake yi da yara biyar, kuma abin da na koya a azumin nan shi ne ja ba ta da amfani in ta zo a makare. Kaya mai aiki a wuya ba a gama shi a yini ɗaya. Abin da ya cece ni alamar rawaya ta "saura kwana uku" ce. Ƙanena ya ƙara min ita, sharaɗin kawai D2-TODAY()<=3, aka sa shi bayan na wucewa don kada su haɗu. Da safe rawaya nake fara dubawa.

Wani abu kuma da ya ba ni wuya, ko zai amfani Abban Walida. Akwai leshin wata baiwar Allah da muka gama har ta karɓa, amma ya ƙi daina ja. Kwana biyu ina zargin fomula. Ashe yarinyar da ta shigar ta rubuta "An gama" ta ƙara danna tazara a ƙarshe, ido ba ya gani. Wata kuma "Angama" take rubutawa a haɗe, wata "An bayar". Babban baƙi ko ƙarami bai dame shi ba, amma tazara ɗaya ta isa. Yanzu mun sa Data Validation, nau'in List, zaɓi uku kawai: Ba a fara ba, Ana yi, An gama. Ba mai rubutawa da hannu.

Abban_Walida:
Allah ya saka da alheri. Na sake shigar da ranakun daga littafi, na sa sabuwar fomular. Ayyuka biyar suka fito YA WUCE, biyu DUBA RANA. Cikin biyar ɗin akwai ɗaya da na manta da shi kwata-kwata, fastar wata makaranta. Yanzu ina son jerin gaba ɗaya ya yi ja. Na gwada Conditional Formatting amma ko dai duka jadawalin ya yi ja ko kuma babu wanda ya yi.

Sadiq_Zariya:
Wannan kam na san shi, ya taɓa cin min yini guda. Zaɓi daga A2 zuwa F200, ka fara daga jeri na 2, kada ka haɗa da kanun. Home, Conditional Formatting, New Rule, sai Use a formula to determine which cells to format. Ka rubuta da hannunka:

```
=$F2="YA WUCE"
```

Ina kyautata zaton danna akwatin F2 ka yi da linzami, shi kuwa Excel in ka danna sai ya rubuta $F$2. Alamar dala tana ƙulle abin da ke gabanta. In ta ƙulle F da 2 duka, kowane jeri F2 kaɗai yake kallo, shi ya sa suke yin ja tare ko su ƙi tare. Kana son F a ƙulle, lambar jeri a sake, don jeri na 9 ya dubi F9. In kuma ka ga jan yana sauka a jerin da ke sama da wanda ya kamata, to daga jeri na 1 ka fara zaɓen alhali fomular ta ce 2.

Alhaji_Tanko:
Ku yi haƙuri da dattijo. Shekara talatin ina harkar nan da littafi da allon bango, kowane yaro ya shigo yana ganin abin da ke kansa. Wannan ja da kuke magana tana cikin kwamfuta, kwamfuta kuma tana ofis, in babu wuta ba wanda ya gan ta. Abban Walida, da a littafi ka rubuta 10 ga wata, ba abin da zai mayar maka da shi Oktoba.

Abban_Walida:
Gaskiya ne Baba, kuma littafin ne ya cece ni yau. Sai dai littafi ba ya taso min da aikin da ke shafi huɗu baya, nan nake yawan faɗuwa. Ina tunanin kowace safiya in kwafi masu ja da rawaya zuwa allo.

Bashir_Gyaran_Kwamfuta:
Maganar wuta da Alhaji ya yi ta tuna min abu. TODAY() a Excel daga agogon kwamfutar take ɗauko rana. Tsohuwar kwamfutar tebur in ƙaramin batirin da ke kan allon cikinta ya mutu, irin mai kama da kwabo ɗin nan CR2032, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon na iya komawa shekarun baya. Ranar nan duk jan zai ɓace, ka ɗauka ba ka da bashin aiki. Ka sa =TODAY() a wani akwati a sama, kamar H1, da manyan baƙaƙe, in ka buɗe ka fara kallonsa. Haka in an turo maka fayil ya buɗe a Protected View, abin da kake gani lissafin ranar da aka adana shi ne, sai ka danna Enable Editing yake sabuntawa.

Malam_Nura_Islamiyya:
Tambaya a gefe. Ina son sanin kwana nawa aiki ya makara, amma ban da ranakun hutu. Mu Alhamis da Juma'a muke hutu. Na gwada NETWORKDAYS sai na ga Asabar da Lahadi take cirewa.

Maman_Hanif:
Malam Nura, 'yar uwarta za ka ɗauka, NETWORKDAYS.INTL, ita ana gaya mata ranakun hutu da lamba. 1 Asabar da Lahadi, 6 Alhamis da Juma'a, wato taku, 7 Juma'a da Asabar, 11 Lahadi kaɗai. Mu ɗauki katin Abban Walida, a ce Lahadi kawai suke rufewa:

```
=NETWORKDAYS.INTL(D2+1,TODAY(),11)
```

Daga Alhamis 10 zuwa Litinin 14 kwana huɗu ne a kalanda, amma wannan za ta ba da 3: Juma'a, Asabar, Litinin. Na ƙara 1 a kan D2 ne saboda tana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, ranar alkawarin kuma ba ta cikin makara. Hutun Sallah da na Maulidi ba ta san su ba. Sai ka rubuta ranakun a wani gefe ka nuna mata wurin a sashe na huɗu, kuma ka san sai an ga wata ake tabbatar da su.

Zainab_Akanta:
Ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Da zarar an zaɓi "An gama", jan ya tafi, tarihin makarar ma ya tafi da shi. Ƙarshen wata in kana son sanin ayyuka nawa aka bayar a makare, ko a hannun wa suka fi tsayawa, ba ka da komai. Ka ƙara layin G na ranar da aka bayar da gaske. G2-D2 in ya fi sifili an makara. Amma don Allah kada ka sa =TODAY() a layin nan. Na taɓa yi a wani wurin aiki, bayan mako biyu na buɗe na tarar duk ayyukan wai yau aka gama su, domin kullum canjawa take. Ka danna Ctrl tare da waƙafi mai ɗigo. Zai sa ranar yau ta zauna daram.

In kana son jimla a sama:

```
=COUNTIF(F2:F200,"YA WUCE")
```

Hafsat_Tela:
To Anti Zainab, in mai kaya da kanta ta ce a ɗaga, ko ba ta kawo cikon kuɗi ba? Ni canja ranar nake yi a D, in ba haka ba jan ya yi yawa har yara su daina ganinsa.

Zainab_Akanta:
Nan ne ba na yarda. In aka buɗe ƙofar canja rana, duk wanda aikinsa ya yi ja zai matsar da ita, jadawalin ya yi fari tas alhali ana bin ku aiki. A bar ranar farko, a ƙara wani layi na sabuwar rana.

Hafsat_Tela:
A ofis wataƙila. Ni kaɗai ke taɓa layin D a shagona, kuma layuka in sun yi yawa a waya ba ya dubuwa.

Maman_Hanif:
Akwai hanya ta uku, a ƙara zaɓi na huɗu a E, "Ana jiran mai aiki", a cire shi daga ja kamar yadda aka cire "An gama". Sai dai shi ma wuri ne da aiki zai iya kwanciya wata guda ba wanda ya tuna da shi. Ni ban sami wadda ta gamsar da ni gaba ɗaya ba.

Abban_Walida:
Na sa ja, na sa ranar yau a H1, na sa zaɓin Hafsat a layin E. Rawayar kwana uku sai gobe in Allah ya kai mu. Katin auren yana kan inji yanzu, mun ce masa gobe da azahar, kuma na bar ranar 10 a wurinta tana ja har sai ya karɓa. Fastar makarantar ce ban san yadda zan yi da ita ba, don su ne ba su turo hoton da za a sa ba tun kafin Sallah. Hajiya Zainab, a tsarinki ita ma ja za ta ci gaba da yi?